Yadda na mayar da takardar makin kare kundi ta zama ma'aunin auna kaina

Saura mako shida a kira ni kare kundin digirina na biyu na je ofishin sashenmu, na roƙi a ba ni kwafin takardar da masu jarrabawa suke cikewa ranar karewa. Ba abin ɓoyewa ba ne, tana nan a aljihun tebur, sai dai ɗalibai ba su cika neman ta ba. Shafi ɗaya ce tak, da layi bakwai, kowane layi da makinsa a gefe. Gabatarwa da kiyaye lokaci maki 10, bayyana matsala da manufofi maki 10, bitar ayyukan da suka gabata maki 15, hanyoyin gudanar da bincike maki 25, sakamako da tattaunawa a kansa maki 20, gudummawa ga ilimi maki 10, sai amsa tambayoyi maki 10. Jimla 100. Kowane sashe da irin tasa takardar, wasu ma ba sa rubuta maki, sai dai su ce ya ci, ko ya yi ƙananan gyare-gyare, ko manya. Saboda haka takardar sashenka ita ce abin nema, ba ta wani wuri ba.

A daren nan na zauna da ita da biro, na shiga ba kaina maki. Layin hanyoyin bincike cewa ya yi, "dacewar hanyoyin da aka bi da kuma fahimtar ɗalibi a kansu". Na tambayi kaina, shin hanyoyina sun dace? Na ce sun dace. Na fahimce su? Ai ni na yi aikin. Na rubuta 21 cikin 25. Haka na bi sauran layukan, cikin minti goma na gama, na tashi da 82. Da na dubi lambar sai na ga ba ta gaya mini kome ba. Ban san wane shafi zan buɗe gobe in gyara ba, ban san wace tambaya ce za ta kayar da ni ba.

Matsalar tana cikin kalmomin takardar. "Dacewa", "zurfin fahimta", "inganci", "tsari mai ma'ana", duk kalmomi ne da aka rubuta domin malamin da ya karanta kundaye masu yawa, wanda da ya ga abu ya san ajinsa. Ɗalibin da kundi ɗaya ya taɓa rubutawa ba shi da abin da zai kwatanta nasa da shi. In ka tambaye shi ko aikinsa ya dace, i zai ce, kuma har zuciyarsa yake faɗa.

Washegari na kai wa mai duba aikina takardar da makin da na ba kaina. Ya duba, ya ɗora yatsa a kan 21 ɗin nan, ya ce, "A wane shafi dacewar take?"

Na ce, "Malam, ai babi na uku ne gaba ɗaya."

Ya ce, "Farfesan da zai zo daga waje ba zai tambaye ka babi na uku gaba ɗaya ba. Jimla ɗaya zai ɗauko. Je ka ka fasa kowane layi har sai ya zama abin da za ka iya nunawa da yatsa."

Daga wannan maganar aikin ya soma. Na ɗauki takarda na kwantar da ita, na ja mata gida huɗu. Gida na farko na abin da ya kamata a gani ne, a rubuce cikin jimla ɗaya da za a iya cewa i ko a'a a kanta. Na biyu na lambar shafin da shaidar take. Na uku na tambayoyin da mai jarrabawa zai iya yi a kan wannan abu. Na huɗu na maki. Makin kuma na taƙaita shi zuwa uku: 0 idan babu abin a kundi, ko kuma na kasa amsawa, 1 idan yana kundi amma sai na buɗe na karanta kafin in yi bayani, 2 idan yana kundi kuma na amsa da baki, kundi a rufe, cikin minti ɗaya da rabi. Na kafa wa kaina doka guda, wadda ita ce ta riƙe aikin duka: duk layin da gidan shafinsa ya zama fanko, makinsa 0 ne, kome yawan abin da na sani a ka.

Dabarar fasa layi ita ce a bar siffa a nemi aikatau. Maimakon "hanyoyi sun dace", sai in tambayi kaina, me mutum zai yi a kan takarda har malami ya yarda sun dace? Zai faɗi hanyar da ya bi, ya faɗi wadda ya bari da dalilin barin ta, ya nuna yadda ya sami adadin mutanen da ya tambaya, ya nuna yadda ya zaɓe su, ya nuna ya gwada takardar tambayoyinsa kafin ya raba, ya kuma nuna lissafin da ya yi ya dace da irin bayanan da ke hannunsa. Ga abu shida nan sun fito daga layi ɗaya, kowanne kuwa ana iya neman sa a shafi.

A karon farko na zarce gona da iri, na tara abubuwa fiye da sittin, har da girman rubutun silaid. Ba mai iya bitar wannan sau biyu a mako. Sai na koma ga makin takardar na bar shi ya yi mini rabo, kusan abu ɗaya ga kowane maki huɗu. Hanyoyin bincike suka sami shida, sakamako biyar, bita huɗu, sauran layuka huɗu masu maki goma-goma suka raba goma a tsakaninsu. Abu 25 ke nan, cikakken maki 50. Amfanin wannan rabo shi ne ya hana ni ɓata kwana uku ina ƙawata silaid, alhali kashi 45 cikin 100 na makin yana babi na uku da na huɗu.

Tambayoyin kuma na yi su hawa uku ga kowane abu. Ta farko "me ka yi", wadda kowa yake iya amsawa. Ta biyu "me ya sa wannan, ba wancan ba". Ta uku ita ce mai neman rauni, wadda take farawa da "to idan" ko "amma ai". Na lura daga zaman da na yi a karewar waɗanda suka riga ni cewa ɗalibai ba sa faɗuwa a hawa na farko. A na biyu murya take soma rawa, a na uku kuma a yi shiru.

Bari in tsaya a kan abu ɗaya in nuna yadda ya kasance, domin shi ne ya fi ba ni wahala, shi ne kuma ya fi yi mini amfani. Bincikena a kan malaman sakandare ne, ina duba alaƙar yawan darussan da malami yake koyarwa a mako da gajiyar da yake ji da aikin. Malaman da binciken ya shafa 500 ne a makarantu 20. A gida na farko na rubuta, "Na nuna yadda na sami adadin samfuri da kuma sharuɗɗan da hanyar ta ginu a kansu." Shafi na 52. Tambaya ta farko: mutum nawa ka ɗauka, ta yaya ka sami adadin? Wannan mai sauƙi ce. 217 ne, daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ya ba da 217 ga jama'a 500.

Tambaya ta biyu: me ya sa wannan jadawali, ba lissafin Yamane ba? Nan na tsaya. Gaskiyar magana ita ce na yi amfani da shi ne saboda shi na gani a kundayen da suka gabata. Sai na zauna na lissafa ɗayan, wato `n = N / (1 + Ne²)`. Da N a matsayin 500, e kuma 0.05, ƙasan lissafin ya zama 2.25, amsa ta fito 222. Bambancin mutum biyar ne kawai, domin dukansu biyun a kan kusan sharaɗi ɗaya suka tsaya: tabbaci na kashi 95 cikin 100, da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba. Yanzu na sami amsar da zan iya faɗa cikin rabin minti, kuma na san abin da nake faɗa.

Tambaya ta uku ce ta tona asiri. Na rubuta ta da hannuna, kuma tun ina rubutawa gabana ya faɗi: amma ai jadawalin nan sai an zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a yake aiki, ta yadda kowane ɗaya cikin 500 ɗin yake da dama daidai da ta kowa, haka ka yi? Ba haka na yi ba. Makarantu takwas na zaɓa cikin ashirin, su ɗin da ƙuri'a, gaskiya ne. Amma a kowace makaranta waɗanda na tarar a ɗakin malamai su na miƙa wa takarda. A shafi na 53 kuwa na rubuta cewa an zaɓi malaman ta hanyar ƙuri'a. Ban rubuta don in yi ƙarya ba, jimlar ce da na saba gani na ɗauko na ɗora, amma ba ta faɗi abin da ya faru ba. Kuma a irin bincikena abin ya fi muni, saboda malamin da darussa suka fi yi wa yawa shi ne wanda ba a cika tarar da shi zaune a ɗakin malamai ba, yana aji. Ke nan mutanen da na fi bukatar ji daga bakinsu su ne hanyata ta fi saurin tsallakewa.

Bayan wannan akwai wani. Takardu 217 na raba, 184 suka dawo a cike, kusan kashi 85 cikin 100. Dawowa ce mai kyau, amma duk lissafin babi na huɗu a kan 184 aka yi shi, alhali babi na uku yana ta maganar 217 kamar su ne suka amsa. Ko da a ce ƙuri'a na yi tsantsa, da 184 kuskuren zai tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 6. Ba babban abu ba ne, amma gara ni in faɗa da a faɗa mini.

Na koma wurin Malam da takardar, na nuna masa 0 ɗin da na ba kaina. Na ce, "Malam, ko sai na sake raba takardun ne?" Ya ce a'a, lokaci ba zai bari ba, kuma ba abin da ake nema ke nan ba. Ya ce in gyara shafi na 53 ya faɗi abin da na yi daidai yadda na yi shi, in ƙara sakin layi a iyakokin bincike da zai nuna ta wane ɓangare wannan zai iya karkatar da sakamako, sannan in rage faɗin maganata a babi na biyar, in daina cewa "malaman sakandare" kamar duka na tambaya. Kundina bai riga ya tafi wurin mai jarrabawa na waje ba, saura kwana tara a tura, shi ya sa gyaran ya yiwu. Wanda nasa ya riga ya tafi ba zai iya taɓa rubutun ba, abin da ya rage masa shi ne ya shirya faɗin gaskiyar da bakinsa ranar karewa. Wannan ne ya sa nake ganin mafi kyawun lokacin yin wannan takarda shi ne kafin a miƙa kundi, ba mako ɗaya kafin a shiga ɗaki ba.

Layin matsala da manufofi bai ɗauke ni lokaci ba wajen fasawa, amma shi ma ya fito da abu. Na rubuta, "Kowace manufa tana da tambayar bincike, da tambayoyinta a takardar da aka raba, da jadawalinta a babi na huɗu, da hukuncinta a babi na biyar." Wannan abu ba shafi ɗaya yake bukata ba, huɗu ne ga kowace manufa. Na bi manufofina huɗu ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin sawu. Uku suka kai har ƙarshe. Ta huɗu, wadda ta ce za a gano matakan da makarantu suke ɗauka don rage wa malamai nauyi, sawunta ya ɓace a babi na huɗu. Akwai tambayoyinta a takarda, akwai ma shawarwari a kanta a babi na biyar, amma babu jadawali a tsakani. Bayanan suna cikin kwamfuta, ban dai fitar da su ba. Tambayar da na rubuta a gefe ita ce, nuna mana inda ka amsa manufa ta huɗu. Da a ɗakin karewa na fara jin ta, da shafuka kawai zan yi ta juyawa.

A layin sakamako kalma ɗaya ce ta kama ni. Lissafina ya nuna alaƙa tsakanin yawan darussa da gajiya, `r = 0.42`, kuma abin da ya fito a ƙarƙashin `Sig. (2-tailed)` bai kai 0.05 ba, wato da wuya a ce alaƙar katari ce kawai. Abin da na sa a gida na farko shi ne, "Kalmomin da na fassara sakamako da su ba su wuce abin da lissafin zai iya ɗauka ba." Tambayoyin kuma: me 0.42 take nufi, ka faɗa mana ba da harshen lissafi ba? Me ya sa ka ce alaƙar matsakaiciya ce? Amma ai ka rubuta cewa yawan darussa ne yake haddasa gajiya, da me ka tabbatar? Na bi babi na huɗu da na biyar da jan biro, na sami "haddasa" da "jawo" a wuri shida. Binciken da aka yi a lokaci guda, aka tambayi mutane sau ɗaya, ba ya iya nuna wane ne ya haifi wani. Abin da zai iya nunawa shi ne abubuwan biyu suna tafiya tare. In ka ninka 0.42 da kanta za ka sami kusan 0.18, wato yawan darussa bai bayyana fiye da kashi 18 cikin 100 na bambancin gajiya a tsakanin malaman ba. Sauran kashi 82 yana wani wuri da ban auna ba, ko yawan ɗalibai a aji, ko jinkirin albashi, ko halin shugaban makaranta. Na sauya wuraren shida zuwa "yana da alaƙa da", kuma na koyi faɗin wannan kashi 18 da bakina, domin ya fi 0.42 saurin shiga kunne.

Bitar ayyukan da suka gabata kuwa, gwaji ɗaya ya wadatar da ni. Na rufe kundi na ce wa kaina, kawo ayyuka uku da suka fi kusa da naka, ka faɗi inda biyu daga ciki suka saɓa wa juna, sannan ka faɗi wanda sakamakonka ya goyi baya. Sunaye na iya kawowa, saɓanin ne ban iya ba, saboda babi na biyu jeri ne kawai, wane ya ce, wance ta ce, ba wanda na haɗa da wani. Na ba kaina 1, na shafe kwana huɗu ina sake ɗinke sashen.

Layin gudummawa ga ilimi shi ne mafi santsi, domin mutum yana jin kunyar ya ce aikinsa ƙarami ne, sai ya kumbura shi. Abin da na nema daga kaina jimla biyu ne: me aka sani kafin aikin nan, me aka sani yanzu da ba a sani ba. Tambaya ta uku a nan ita ce, idan aka ɗauke kundinka daga ɗakin karatu, me za a rasa? Na rubuta amsa sau biyar kafin in sami wadda ba ta da "gagarumar gudummawa" a ciki.

Da na gama cike gidajen na yi gyare-gyaren farko, na zauna ni kaɗai na auna kaina, na sami 41 cikin 50. Na ji daɗi, amma na tuna da 82 ɗin farko. Sai na nemi wani abokin karatuna da muka fara tare, wanda bincikensa ba shi da haɗi da nawa, na ba shi takardar da agogon waya. Na ce ya tsallaka tambayoyin yadda ya ga dama, kada ya bi jeri, kuma duk inda bai gane amsata ba ya ba ni 1 ko da na cika lokaci da magana. Muka yi awa biyu. Ya tara maki, 27.

Tazarar maki 14 ɗin nan ita ce abin da ya fi koya mini wani abu a duk aikin. Idan ni kaɗai ne, ina karanta tambaya sai amsar ta gilma a raina, in ce na sani, in wuce. Amsar da ta gilma a rai ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Sai ka buɗe baki za ka ji ba ka san ta inda za ka fara ba. A wata tambaya kan gwajin takardar tambayoyi, na yi minti uku ina zagaye, abokina ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Lamba nawa ka samu, kuma tana da kyau ko ba ta da kyau? Shi kaɗai na tambaye ka." Amsar gajeriya ce. Na gwada takardar a kan malamai 30 da ba sa cikin samfuri, alfa na Cronbach, wato ma'aunin yadda tambayoyin suke tafiya da juna, ya fito 0.81, kuma abin da aka saba karɓa shi ne daga 0.70 zuwa sama. Daƙiƙa goma sha biyar. Daga ranar na ɗauki tsari guda ga kowace amsa: in fara da amsar kanta, in kawo dalili ɗaya, in ambaci shafi, in yi shiru. Shirun ne ya fi wuya, saboda ɗalibi yana jin kamar in ya tsaya za a ce bai sani ba, nan kuwa a cikin ƙarin bayanin da ba a nema ba ake samo tambaya ta gaba.

Layin amsa tambayoyi ma ashe ba ya aunuwa sai da mutum na biyu. Abubuwa biyu na sa a ƙarƙashinsa: na saurari tambaya har ƙarshe kafin in soma magana, kuma na iya cewa "ban bincika wannan ba" ba tare da na ƙirƙiro amsa ba. Na roƙi abokina ya riƙa jefo tambayar da ya san ba ta cikin farfajiyar bincikena, don in saba. Sau biyu na farko na yi ƙoƙarin amsawa, ya ba ni 0, kuma ya yi daidai.

Muka maimaita zaman sau uku, mako-mako, na samu 34, sannan 40, sannan 43. Bayan kowane zama layukan da suka sami 0 da 1 kaɗai nake bi, masu 2 ba na taɓa su. A zama na uku abokina ya lura da wani abu da ban lura ba, ya ce amsoshina sun fara zama hadda, kalma bayan kalma iri ɗaya da na makon jiya. Wannan haɗari ne na gaske ga mai irin wannan takarda. Mai jarrabawa ba da kalmominka zai yi tambaya ba, in ya juya ta kaɗan haddar sai ta watse. Maganin da muka samu shi ne ya daina karanta tambayoyina, ya dubi gida na farko kawai ya ƙirƙiro tasa. Da muka sake gwadawa ta wannan hanya makina ya ɗan sauka, amma na fi yarda da shi.

Ranar karewa minti 15 aka ba ni na gabatarwa, na gama a 14, abin da na riga na gwada da agogo sau da yawa. Farfesan da ya zo daga waje ya buɗe kundi, na hango ya lanƙwasa wasu shafuka. Tambayarsa ta uku a kan samfuri ce. Ya ce ya ga na ambaci jadawalin 1970, ya kuma ga na ce waɗanda na tarar na ba takarda, yaya waɗannan biyun za su zauna wuri ɗaya? Na ce, "Ranka ya daɗe, ba su zauna daidai ba. Jadawalin ya ba ni adadi, amma zaɓen malamai a cikin makarantu ba ƙuri'a ba ne, na faɗi haka a shafi na 53, na kuma nuna a iyakokin bincike cewa mai yiwuwa malaman da suka fi yawan darussa sun yi ƙaranci a cikin waɗanda suka amsa." Ya gyaɗa kai, ya yi rubutu, ya wuce.

Cikin tambayoyi goma sha ɗaya da aka yi mini, bakwai suna da 'yan'uwa a takardata, ko da yake ba wadda ta zo da kalmomin da na rubuta. Sauran huɗun ban hango su ba. Ɗaya daga ciki wata malama ce daga cikin sashe ta yi ta, kuma har yau ina tunanin ta. Ta ce, "Mutum 33 ɗin da ba su dawo da takarda ba, su wane ne? Ba ka ganin wanda ya fi gajiya shi ne zai kasa cike maka takarda mai shafi huɗu?" Na yi maganar 184 sau da yawa a bita, na lissafa kuskure, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko waɗanda suka yi shiru sun bambanta da waɗanda suka amsa ba. Na ce, "Malama, ban bincika wannan ba. Abin da ke hannuna shi ne makarantun da takardun ba su dawo daga gare su ba, zan iya duba ko sun taru a wuri ɗaya." Ta ce in duba, in sa a gyara.

Ƙananan gyare-gyare aka ba ni, guda tara. Da na koma kan rajistar rabon takardun da na ajiye, na tarar 19 daga cikin 33 ɗin daga makarantu biyu suke, kuma su ne biyun da suka fi ƙarancin malamai a cikin takwas ɗin. Na rubuta wannan a sakin layi ɗaya a ƙarƙashin iyakokin bincike, da ɗan ƙaramin jadawali a rataye mai nuna takardun da aka raba da waɗanda suka dawo a kowace makaranta, na kai wa malamar ta duba ta sa hannu.